Lanƙwasar Henle da yadda ƙoda ke fitar da fitsari mai kauri

"Malam, ina aji biyu a makarantar likitanci. Zanen kauntakaren maltifilaya, wato yadda rassa biyu na lanƙwasar Henle ke ninka kauri a ƙoda, na haddace shi tsaf, amma gaskiya ban gane shi ba. An ce mana reshe mai hawa bambancin 200 kawai yake iya samarwa, to 1200 ɗin daga ina ta fito? Sannan ruwan da ke fita daga lanƙwasar Henle ya fi jini tsinkewa, ta yaya kuma za a ce da ita ake kaurara fitsari?"

Rabin tambayarka na biyu shi ne bakin zaren, don haka daga nan za mu kama. Ka yi gaskiya, ruwan da ke barin lanƙwasa, wato bututun nan na ƙoda da ke sauka ya juyo ya hau, tsinkakke ne. Yana shigarta da kauri irin na jini, wajen miliyosmol 300 a kowane kilo na ruwa, ya fito da wajen 100. Aikin lanƙwasa shi ne ta raba gishiri da ruwa: ta zube gishirin a cikin medula, wato can cikin ƙoda, ta tura ruwan sama zuwa ɓawon ƙoda. Abin da take kaurarawa shi ne ruwan da ke kwance tsakanin bututu a medula. Fitsari kuwa sai daga baya yake yin kauri, sa'ad da bututun tarawa ya sake ratsa wannan wuri mai gishiri kan hanyarsa ta fita, gishirin da ke kewaye da shi ya tsotse masa ruwa.

Dalilin wannan zagaye shi ne jiki ba shi da famfon ruwa. Babu wata ƙwayar halitta a ƙoda da za ta kama ruwa ta tura shi inda take so. Abin da take iya turawa da ƙarfin ATP shi ne sodiyam, ruwa kuma ya bi shi da kansa idan bango ya ba shi hanya. Saboda haka ƙodar da ke son ƙwato ruwa daga fitsari har ya fi jini kauri sau huɗu, dole ta fara tanadar wani wuri a cikinta da ya fi jini kauri sau huɗu, sannan ta bi da fitsarin ta nan. Fitsari ba ya taɓa wuce kaurin tsinin medula. Idan tsinin ya kai 1200, fitsari zai iya kaiwa 1200. Idan ya tsaya a 400, ko ƙishirwa za ta kashe mutum, fitsarinsa a 400 zai tsaya.

Yanzu mu dubi bangon rassan biyu, don duk dabarar a bango take. Reshe mai sauka siriri ne, cike da ƙofofin ruwa da ake kira akwaforin, nau'in AQP1. Ruwa na ratsa shi a sauƙaƙe, gishiri ba ya ratsawa sosai, kuma ba ya turin komai. Abin da ke cikinsa kullum ƙoƙarin daidaita kauri yake da abin da ke wajensa. Kakkauran sashen reshe mai hawa kishiyarsa ne. Ruwa ba ya ratsa shi ko kaɗan, amma gishiri yake fitarwa babu hutu. A fuskar da ke kallon cikin bututu akwai furotin mai suna NKCC2, wanda ke ɗaukar sodiyam ɗaya, fotasiyam ɗaya da kulorayid biyu a tashi guda ya shigar da su ƙwayar bango. A ɗaya fuskar famfon sodiyam da fotasiyam na ƙona ATP yana fitar da sodiyam zuwa ruwan tsakani, kulorayid na bi ta tasa ƙofar. Fotasiyam ɗin kuwa yawancinsa komawa cikin bututu yake ta ƙofar ROMK, domin ruwan bututu ba shi da fotasiyam da yawa, in ba a mayar ba NKCC2 zai rasa abokin tafiya ya tsaya cik.

Wannan famfo yana da iyaka. Mahaɗin da ke tsakanin ƙwayoyin bangon bai toshe ƙam ba, gishiri na iya zurarewa ta nan ya koma ciki. Yayin da waje ke ƙara kauri, ciki na ƙara tsinkewa, komawar na ƙaruwa, har a kai inda abin da ke komawa ya yi daidai da abin da ake fitarwa. A wajen bambancin 200 ake kaiwa nan. Amma ka lura, 200 ɗin bambanci ne tsakanin cikin bututu da wajensa a mataki ɗaya na zurfi, gefe da gefe. Famfon bai damu da daga ina aka fara ba. Ka ba shi ruwa mai 300 ciki da waje, zai mayar da su 200 da 400. Ka ba shi mai 1000, zai mayar da su 900 da 1100. To abin da ya rage shi ne a samu wanda zai riƙa kawo wa famfon ƙasa ruwan da an riga an kaurara. Wannan shi ne aikin lanƙwasawar: ruwan da ya gama kauri a reshe mai sauka shi ne ke juyowa ya zama abin da reshe mai hawa zai yi aiki a kansa.

Ɗauko takarda mu yi lissafin tare, don da idanu kawai ba a gane shi. Zana rassa biyu gefe da gefe, ka raba su hawa uku: sama, tsakiya, ƙasa. Cika duka gidaje shida da 300. Za mu raba abin da ke faruwa lokaci guda zuwa motsi biyu, turi da tafiya. A turi, kowane hawa sai ka ɗauki matsakaicin lambobinsa biyu, ka ƙara 100 a reshe mai sauka, ka rage 100 a mai hawa. Reshe mai sauka na tsayawa ne a madadin ruwan tsakani, tunda nan take yake daidaita da shi. A tafiya, kowane ruwa ya matsa gida ɗaya: sabon 300 ya shigo daga sama, na ƙasan reshe mai sauka ya juya kwana ya shiga ƙasan mai hawa, na saman mai hawa ya fice.

Turi na farko: reshe mai sauka 400 daga sama har ƙasa, mai hawa 200. Babu wani bambanci tsakanin sama da ƙasa tukuna. Sai tafiya. Yanzu reshe mai sauka, daga sama, ya zama 300, 400, 400. Mai hawa, daga sama, ya zama 200, 200, 400. Dubi hawan ƙasa da kyau: 400 na fuskantar 400. Bambancin ya ɓace a nan, famfo ya samu wurin sake aiki. Turi na biyu sai ya ba ka 350 da 150 a sama, 400 da 200 a tsakiya, 500 da 300 a ƙasa. Ga 500 ta bayyana, alhali babu famfon da ya wuce 200.

Sake tafiya, sake turi, za ka samu 350 da 150 a sama, 425 da 225 a tsakiya, 550 da 350 a ƙasa. Zagaye na gaba ƙasa zai kai kusan 590. Idan ka yi haƙuri ka ci gaba, wannan zane mai hawa uku zai je ya tsaya a 900 a ƙasa, 700 a tsakiya, 500 a sama: kowane hawa ya ɗora nasa 200 a kan na samansa. Ƙara hawa na huɗu, sai ya kai 1100. Kamar leburori ne da suka jeru a kan tsani ranar zuba dakin bene: babu wanda ke ɗaga kwanon kankare fiye da tsawon hannunsa, amma kwanon na isa hawa na uku, don kowa daga inda na ƙasa ya tsaya yake karɓa. Tsawon lanƙwasa shi ne yawan leburorin. Shi ya sa nefuron, wato ƙananan bututun tace jini na ƙoda, masu dogayen lanƙwasa, waɗanda matatarsu ke dab da iyakar medula, su ne ke gina zurfin kaurin, duk da cewa wajen kashi 15 cikin ɗari ne kawai na nefuron ɗin mutum. Shi ya sa kuma dabbobin hamada masu dogon tsinin medula ke fitar da fitsarin da ya ninka namu kauri sau uku zuwa huɗu, wasu ma fiye.

Akwai inda zanen takardar ya saɓa da ƙoda, kuma gara ka san shi kafin wani mai jarrabawa ya tare ka da shi. A takarda gishiri kawai muke ta juyawa tsakanin rassa biyu, babu abin da ke fita ta gefe, don haka in ka bi lissafin har ƙarshe, ruwan da ke ficewa daga sama zai dawo 300. A ƙoda ta gaske ruwa na fita daga reshe mai sauka, gishiri na fita daga mai hawa, jini na kwashe su, kuma gishirin da ake kwashewa ya fi ruwan yawa. Lanƙwasa na ƙwato wajen kashi 25 na sodiyam ɗin da aka tace, amma wajen kashi 15 kawai na ruwan. Wannan gibi shi ne 100 ɗin da ka gani a bakin fita.

Ba a littafin likitanci wannan tunani ya faro ba. Werner Kuhn masanin kimiyyar sinadarai ne a Basel ta ƙasar Switzerland, shi ya kawo shi a 1942. A 1951 shi da Hargitay da Wirz suka daskarar da yankakkun ƙodar ɓera suka nuna cewa kauri na ƙaruwa daga ɓawo zuwa tsini. Manyan masana ƙoda na lokacin ba su karɓa ba sai da Gottschalk da Mylle suka soka siraran allurai na gilashi cikin bututun da kansu, a ƙarshen shekarun 1950, suka tarar da cewa a tsinin medula ruwan lanƙwasa da jinin da ke gefensa da fitsarin bututun tarawa duk kaurinsu ɗaya, sannan ruwan da ya baro lanƙwasa tsinkakke ne.

To ga tsinkakken ruwa mai 100 ya iso ɓawon ƙoda, lita 25 zuwa 30 a yini daga cikin 180 da aka tace. Abin da zai same shi daga nan, ADH, homon da ke sa ƙoda riƙe ruwa, ke yankewa. Ka ɗauki mai azumi a watan zafi, wajen la'asar. Ya yi gumi, kaurin jininsa ya ɗan hau. Ƙarin kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ya isa haifotalamas da ke ƙwaƙwalwa ya ji, ya sa sashen baya na fitutari da ke ƙarƙashinsa ya saki ADH. Homon ɗin na kama makarɓinsa na V2 a ƙwayoyin bututun tarawa, cAMP ya tashi, sai ƙofofin AQP2 da ke ajiye a cikin ƙwayar su fito su dasu a fuskar da ke kallon fitsari. Cikin mintuna bangon da ba ya wuce ruwa ya zama mai wucewa. Ruwan na shiga ta AQP2 ya fita ta baya ta AQP3 da AQP4.

Wani abu da ɗalibai ke tsallakewa: yawancin ruwan da ADH ke ƙwatowa a ɓawon ƙoda ake ƙwato shi, tun kafin a shiga medula. Ruwa mai 100 da ya tarar da kewaye mai 300 zai zubar da kashi biyu cikin uku na ruwansa kafin ya daidaita, kuma tunda ana ci gaba da cire gishiri a wurin, abin da ke zuba ya fi haka. Ɓawo na da jini mai yawa da ke kwashe wannan ruwa ba tare da kaurinsa ya motsa ba. Abin da ke gangarawa medula 'yan litoci ne kawai. Da duk lita talatin ɗin nan za su zube ruwansu a medula, da sun wanke gishirin da aka sha wahalar tarawa. Ragowar nan ce ke sauka, ta daidaita da 600, da 900, har 1200 a tsini. Shi ne ɗan fitsarin nan ja-ja mai ƙarfin wari da mai azumi ke gani kafin magariba. Bayan buɗa baki, in ya ɗirki ruwa sosai, ADH ya sauka, ƙofofin su koma ciki, ruwa mai 100 ya ratsa medula bango a rufe, ana ƙara cire masa gishiri, ya fito da wajen 50. Lanƙwasa ɗaya ce ta yi aikin biyu: tsinkewar da ta yi ita ke ba da damar zubar da ruwa, gishirin da ta zube shi ke ba da damar riƙe shi.

Lissafi ɗaya zai nuna maka amfanin 1200 ɗin. Babban mutum na bukatar fitar da wajen miliyosmol 600 na datti a yini, yuriya da gishiri da sauransu. Raba 600 da 1200, rabin lita. Wannan shi ne mafi ƙarancin fitsarin da zai iya yi ya kuma fitar da dattinsa. Raba 600 da 50, lita 12. Tsakanin rabin lita da lita goma sha biyu ƙoda mai lafiya ke da wurin juyawa. Riƙe wannan rabawar, za mu sake bukatarta.

Gishiri kaɗai ba ya kai mu 1200. A medula ta waje, inda kakkauran sashe yake, bayanin da na yi ya wadatar, kuma yana kai mu wajen 600. A medula ta ciki babu kakkauran sashe. Reshe mai hawa a can siriri ne, ba shi da famfon kirki. A nan yuriya ke shigowa, kuma kusan rabin kaurin tsini nata ne idan ADH na aiki. Farkon bututun tarawa na barin ruwa ya fita amma yana riƙe yuriya, don haka tana ta kauri a ciki yayin da ake gangarawa. Sai a ƙarshen bututun, cikin medula ta ciki, ADH ke buɗe mata ƙofofinta, UT-A1 da UT-A3, ta kwarara zuwa ruwan tsakani. Daga can wata ta shiga siraran rassan lanƙwasa, wata ta shiga jijiyoyin jini, ta zagayo ta sake dawowa, ba ta samun tserewa. Ribar a nan ita ce yuriyar da ke cikin fitsari ta samu yuriya a waje da ke daidaita ta, sai ba ta jan ruwa tare da ita, gishirin medula kuma ya samu sararin jan ruwa daga sauran abubuwan. Shi ya sa yaron da ya daɗe ba ya samun furotin a abinci ba ya iya kaurara fitsari yadda ya kamata: hantarsa ba ta samar da isasshiyar yuriya.

Yadda gishiri ke ci gaba da hawa a medula ta ciki ba tare da famfo ba, littafinka zai ba ka bayanin 1972, na Kokko da Rector, da kuma na Stephenson. Yuriyar da ke waje na jan ruwa daga reshe mai sauka, gishirin cikinsa ya kaurara har ya fi na waje, sai bayan an juya kwana ya sulale da kansa ta bangon siririn reshe mai hawa, wanda ke wuce gishiri amma ba ya wuce ruwa. Ka rubuta shi a jarrabawa, shi ake nema. Amma ka sani masana ba su gamsu da shi duka ba. An cire wa ɓeraye ƙofofin yuriyar bututun tarawa, yuriya ta daina taruwa, amma gishirin medula ta ciki bai ragu yadda bayanin ya yi hasashe ba. A ganina kuskure ne a koyar da medula ta ciki da irin tabbacin da ake koyar da ta waje.

Saura jini. Medula nama ce mai rai, tana bukatar jini, kuma ruwan da ke fita daga bututu dole wani ya kwashe shi. Da jijiya za ta ratsa medula a miƙe ta fita ta tsini, da jini ya shiga da 300 ya fita da 1200, ya tafi da gishirin duka. Jijiyoyin basa rakta sai suka bi siffar lanƙwasa: su sauka, su juyo, su hau, reshe na jingine da reshe. Jini mai sauka na ɗaukar gishiri da yuriya yana zubar da ruwa. Mai hawa na mayar da gishiri da yuriyar, yana miƙa su ga mai sauka da ke gefensa, yana karɓar ruwa. Jinin na fita da ɗan abin da ya wuce 300 kaɗan. Waɗannan jijiyoyi ba sa gina kauri, ba su da famfo, hana shi zurarewa kawai suke yi, kuma sharaɗinsu shi ne jini ya tafi a hankali. Ƙasa da kashi goma cikin ɗari na jinin ƙoda ne ke bi ta medula. Wannan tsari na da tsada: iskar oksijin ma na tsallakawa daga reshe mai sauka zuwa mai hawa tun daga sama, sai can ƙasa ya zauna cikin ƙarancinta kullum, a daidai unguwar da kakkauran sashe ke ƙona ATP babu ji babu gani. Shi ya sa idan jini ya faɗi, medula ta waje na cikin wuraren da ke fara lalacewa.

A nan ne darasin ke haɗuwa da abin da za ka gani kusan kowace rana a asibitocinmu, wato sikila. Ka lissafa abin da ke sa jar ƙwayar jini mai HbS ta lanƙwashe: ƙarancin oksijin, tsami, bushewar ƙwayar, da jinkirin tafiya. Medula ta ciki ta tara huɗun. Kaurin 1200 na tsotse ruwan ƙwayar, HbS ya cunkushe a ciki, ƙwayar ta sandare ta toshe basa rakta. Shekara bayan shekara jijiyoyin na mutuwa, dogayen lanƙwasa na bin su, tsinin ya rasa kaurinsa.

Ka ƙaddara an kawo maka yaro ɗan shekara goma sha biyu mai SS, uwarsa na cewa har yanzu yana fitsarin kwance, ta hana shi ruwa daga magariba amma a banza, kullum sai an shanya tabarma. Ka sa a kawo fitsarin farko na asuba, ka tsoma tsinken gwaji. Babu suga. Nauyin fitsarin, SG a takardar sakamako, ya nuna 1.010 ko 1.012. Yaro mai lafiyar ƙoda da ya kwana bai sha ruwa ba ya kamata ya ba ka 1.020 ko sama. 1.010 daidai yake da wajen 300, kaurin jini. Wannan yaron ADH ɗinsa na nan, ƙofofin AQP2 na buɗewa, amma bututun tarawa ya sauka bai tarar da abin da zai tsotse shi ba. Masu SS da suka girma yawanci a 400 zuwa 450 suke tsayawa. Koma ga rabawarmu: 600 a raba da 400, lita ɗaya da rabi, ninki uku na abin da mai lafiya zai zubar a ranar da babu ruwa. Hana irin wannan yaro ruwa ba ya rage fitsarin sosai, bushe shi kawai yake yi, bushewa kuma ita ke tayar da ciwon ƙashi. Abin da za ka gaya wa uwar ke nan, ka kuma gaya mata ba ƙiwuya ba ce. Haka babban mai SS da ke tambayarka game da azumi a watan Afrilu, wannan lissafin na cikin abin da za ka auna kafin ka ba shi shawara. Abin sha'awa, tsinka fitsari bai gagare su ba, domin kakkauran sashe da ke sama yana nan da ransa. A ƙananan yara ƙarin jini na iya dawo da ikon kaurarawa, amma bayan shekarun samartaka ɓarnar ta zauna. Masu AS ma suna samun raguwa, sai dai mai sauƙi kuma a hankali.

Furosemayid, wanda aka fi sani da Lasis a ɗakin marasa lafiya, na lalata tsarin ta wata ƙofa. Yana toshe NKCC2 daga cikin bututu, 200 ɗin ta tafi, babu abin da za a ninka. Gishiri bai fita ba, don haka ruwan bai tsinke ba, medula kuma ba ta kaurara ba. Mai shansa ya rasa ikon biyu a tare, fitsarinsa na tsayawa kusa da 300. Ga kuma wani saƙo daga ROMK: fotasiyam ɗin da ke komawa cikin bututu na sa cikin ya ɗauki cajin lantarki na fozitif, wannan cajin ke tura kalsiyam da maganiziyam waje ta tsakanin ƙwayoyi. Toshe NKCC2, cajin ya ɓace, su biyun su bi fitsari. Yaron da aka haifa da lalataccen NKCC2 ko ROMK, ciwon Bartter ke nan, kamar wanda ke shan Lasis ne tun daga ciki. Mai ciwon suga da ba a shawo kansa ba kuwa, famfonsa lafiya lau, amma sugan da ya cika bututu na riƙe ruwa, gudu ya yi yawa, rassan ba sa samun lokacin daidaitawa, kaurin ya wanke.

Idan mai yawan fitsari ya zo babu suga, kuma fitsarin ya yi ƙasa da 300 sosai, SG wajen 1.005 ko ƙasa, lanƙwasarsa na tsinkawa, tambayar ta koma kan ADH. A hana shi ruwa a asibiti, ana auna nauyinsa da sodiyam ɗin jininsa. In fitsari ya ƙi kauri, a ba shi desmofiresin, maganin da ke aiki irin na ADH. Wanda fitutarinsa ba ya sakin homon, fitsarinsa zai ƙaru da fiye da rabin kaurinsa. Wanda ƙodarsa ce ba ta jin homon, kamar mai shan maganin lisiyam na tsawon shekaru, ko mai yawan kalsiyam ko ƙarancin fotasiyam a jini, kusan ba zai motsa ba. Sai dai kada ka sa ran ganin 1200 a ranar farko ko a wanda desmofiresin ya yi wa aiki. Watannin da ya yi yana zubar da lita goma a yini sun wanke yuriya da gishirin medularsa, ƙofofin AQP2 ɗinsa ma sun ragu. Haka yake ga wanda kawai ya saba ɗirkar ruwa fiye da kima, shi ya sa rarrabe shi da mai ƙarancin ADH kaɗan ke da wuya a wannan gwaji. Sai an ɗauki kwanaki fitsarin ya ragu, famfo na zuba gishiri, yuriya na sake taruwa, kafin kaurin tsini ya koma inda yake.